Tambayoyi da amsoshi kan karanta jadawalin ANOVA da haruffan a, b, c a rahoton gwajin taki

Waɗannan tambayoyi irin waɗanda malaman gona da ɗaliban aikin noma na Gombe da Bauchi kan yi ne idan rahoton gwajin taki ya shigo hannunsu. ANOVA lissafi ne da ke raba bambancin amfanin fuloti zuwa abubuwan da suka jawo shi. Duk amsoshin suna kan gwaji guda ne na misali, wanda aka tsara alƙalumansa domin koyarwa. A ɗauka an shuka masara a wata gona kusa da Dadin Kowa, aka gwada naitirojin iri biyar: kilo 0, 30, 60, 90 da 120 a kowace hekta. An raba gonar bulok huɗu, kowane bulok yana da fuloti biyar, aka yi ƙuri'a wajen raba takin, jimilla fuloti 20. Fosfaros da fotash duk fuloti sun samu daidai wa daida, don haka naitirojin kaɗai ya bambanta su.

Malam, ga jadawalin a gabana. Daga ina zan fara?

Ga yadda yake fitowa a kwamfuta:

```
Source      Df   Sum Sq   Mean Sq   F value   P
Block        3    1.440     0.480      3.00   0.073
Nitrogen     4   15.728     3.932     24.58   <0.001
Residuals   12    1.920     0.160
Total       19   19.088
```

Yawancin mutane idonsu kan yi tsalle ne zuwa layin ƙarshe na hannun dama, inda P yake. Ni shawarata a fara da Df, lambar da ke fitowa daga ƙidayar bulok da taki da fuloti, domin nan ne ake gane ko lissafin da aka yi ya dace da gonar da aka shuka. Bulok huɗu a cire ɗaya, saura 3. Taki iri biyar a cire ɗaya, saura 4. Fuloti 20 a cire ɗaya, saura 19. Abin da ya rage, wato 19 a cire 3 a cire 4, shi ne 12, kuma shi ne na layin Residuals, wanda wasu manhajoji ke rubuta wa Error. In waɗannan lambobi suka yi daidai da abin da rahoton ya faɗa a sashen tsarin gwaji, sai ka ci gaba. In ba su yi ba, to sauran jadawalin babu abin dogaro a cikinsa, komai kyan P ɗin.

Bayan haka sai Mean Sq. Ana samunsa ne ta raba Sum Sq, wato jimillar bambancin da ke kowane layi, da Df. Na naitirojin, 15.728 a raba huɗu ya ba da 3.932. Na Residuals, 1.920 a raba 12 ya ba da 0.160. Wannan 0.160 ɗin ka riƙe shi da kyau, domin duk abin da zai biyo baya daga gare shi yake fitowa.

Mene ne wannan Residuals ɗin, tun da ba taki ba ne, ba kuma bulok ba?

Ko da fuloti biyu sun ci taki ɗaya, a bulok ɗaya, ranar shuka ɗaya, ba za su ba da masara daidai ba. Wani yana kusa da tsohon gidan gara, wani ruwa ya ɗan kwanta masa a watan Agusta, wani tsutsa ta fi ɓarna a cikinsa, wani kuma mai awo ne ya ɗan saki hannu. Duk wannan bambanci da ba taki ya jawo shi ba, ba kuma bulok ba, shi ake tarawa a layin Residuals. Ragowar bambanci ke nan, kuma babu gonar da ba ta da ita.

F value kwatanci ne tsakanin bambancin da taki ya kawo da wannan ragowa: 3.932 a raba da 0.160 ya ba da 24.58. Da a ce takin ba ya yin komai, da wannan lamba za ta riƙa yawo ne kusa da 1. Ta kai 24 da ɗoriya, wato bambancin da ke tsakanin matakan taki ya fi ƙarfin abin da sa'ar fuloti kaɗai za ta iya kawowa. Wannan hanya R. A. Fisher ne ya kafa ta a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, a kan alƙaluman gwaje-gwajen taki da tashar ta daɗe tana tarawa.

P ɗin naitirojin bai kai 0.001 ba. Ke nan an tabbatar kilo 120 ya fi kowa?

A'a. Abin da P ke faɗa shi ne, da a ce matakan taki biyar ɗin nan duk ɗaya suke wajen amfani, da wuya ƙwarai a samu F mai girma haka, ƙasa da sau ɗaya cikin dubu. Saboda haka an yarda ba duka ɗaya suke ba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai nuna wane ya fi wane ba, bai kuma nuna yawan buhunan da aka ƙaru da su ba.

Kuma a gwajin da ke da fulotin da ba a sa masa taki ko kaɗan ba, samun ƙaramin P ba abin mamaki ba ne. Masara a ƙasar jigawa da aka hana ta naitirojin dole ta yi rawaya ta tsumbure, kowane manomi ya san haka tun kafin a kunna kwamfuta. Fulotin kilo 0 shi kaɗai ya kawo fiye da rabin wancan 15.728 ɗin. Tambayar da ke damun manomi ita ce tsakanin 60, 90 da 120, ita kuma layin F bai taɓa ta ba.

Masu amfani da SPSS za su ga .000 a ƙarƙashin Sig. Ba sifili ba ne, manhajar ce ta yanke lambar a wuri uku. A rahoto a rubuta P < 0.001.

To haruffan nan da ke gefen lambobi fa? Na ga wani ma yana da biyu.

Ga jadawali na biyu, matsakaicin amfanin kowane mataki da tan a hekta:

```
N (kg/ha)   Mean   LSD    Tukey
120          4.0   a      a
 90          3.8   ab     a
 60          3.3   b      ab
 30          2.5   c      bc
  0          1.6   d      c
```

LSD da Tukey hanyoyi biyu ne na kwatanta lambobin bibbiyu, kowace da nata haruffan. Mu fara da layin LSD. Ƙa'idar guda ce: duk lambobi biyu da suka yi tarayya a harafi ko da ɗaya ne, gwajin bai iya raba su ba. Waɗanda ba su haɗa harafi ba kuwa, an raba su. Kilo 120 yana da a, kilo 90 yana da ab, sun haɗu a kan a, ba a raba su ba. Kilo 90 da kilo 60 sun haɗu a kan b, su ma ba a raba su ba. Amma kilo 120 da kilo 60, a da b zalla, an raba su.

A nan ne mutane kan tsaya su ce, in 120 daidai yake da 90, kuma 90 daidai yake da 60, yaya za a yi 120 ya bambanta da 60? Matsalar tana cikin cewa «daidai». Haruffan tazara suke aunawa. LSD ita ce mafi ƙarancin tazarar da za a yarda da ita, kuma ana lissafa ta haka:

```
LSD = t * sqrt(2 * MSE / r)
    = 2.179 * sqrt(2 * 0.160 / 4)
    = 2.179 * 0.283 = 0.62
```

MSE shi ne 0.160 ɗin da aka ce a riƙe, r shi ne maimaici huɗu, wato bulok huɗun nan, 2.179 kuma daga jadawalin t yake, a Df 12 da kashi 5 cikin ɗari. Yanzu sai a auna. Tsakanin 4.0 da 3.8 akwai 0.2, bai kai 0.62 ba. Tsakanin 3.8 da 3.3 akwai 0.5, shi ma bai kai ba. Tsakanin 4.0 da 3.3 kuwa akwai 0.7, ya wuce. Gajerun tazarori biyu ne suka haɗu suka zama doguwa ɗaya.

Duk mai rahoto a hannu zai iya yin wannan awon da kalkuletar waya cikin minti biyu, kuma ya kamata ya yi, domin haruffa kan rikice wajen kwafa daga kwamfuta zuwa takarda.

Tun da 90 da 60 sun haɗa harafi, zan iya gaya wa manoma babu bambanci, su tsaya a 60?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan, kuma amsarta a'a ce, ba daga haruffan kaɗai ba.

Bambancin da aka auna tsakanin 90 da 60 tan 0.5 ne a hekta, wato buhu biyar na masara mai kilo ɗari. Babu manomin Kwadon ko na Deba da zai kira buhu biyar «babu bambanci». Abin da ya faru shi ne gwajin ba shi da kaifin da zai tabbatar da duk tazarar da ba ta kai buhu shida da ɗoriya ba. Ka ɗauki 0.5 ɗin, ka cire 0.62, ka kuma ƙara 0.62. Za ka samu daga −0.12 zuwa 1.12. Ma'ana, abin da gwajin ya gani ya dace da cewa ƙarin kilo 30 bai ƙara komai ba, ya kuma dace da cewa ya ƙara buhu goma sha ɗaya. Mafi yawan wannan fili yana gefen riba ne. Wanda ya karanta wannan ya rubuta «kilo 60 ya wadatar» ya faɗi abin da alƙaluman ba su faɗa ba.

Yi haka nan ga 120 da 90. Bambancin 0.2 ne, filinsa daga −0.42 zuwa 0.82. A nan sifili ya shiga can ciki, hujjar ƙari ta yi rauni sosai. Ka ga dukkan biyun an ba su hukunci ɗaya a haruffa, «ba a raba su ba», alhali labarinsu ya sha bamban.

Sai kuma kuɗi. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, don haka kilo 30 na naitirojin yana bukatar yuriya kusan kilo 65, buhu ɗaya da sulusi na mai kilo 50. Daga 60 zuwa 90, wannan yuriya ta sayo masara kilo 500. Daga 90 zuwa 120, yuriya ɗin dai iri ɗaya ta sayo kilo 200 kacal. Ka raba 200 da 65, ka samu kusan uku. Wato in kilon yuriya a kasuwa ya kai ninki uku na kilon masara lokacin kaka, ƙarin na ƙarshe bai mayar da kuɗinsa ba, tun ma ba a sa kuɗin ƙwadago da na mota ba. Ƙarin 60 zuwa 90 kuwa sai yuriya ta haura ninki bakwai kafin ya zama asara. Farashin ranar da kake ba da shawara shi za ka sa, amma hanyar lissafin ke nan.

Me ya sa Tukey ya ba da haruffa dabam, alhali gona ɗaya ce, lambobi ɗaya?

Domin ma'auninsa ya fi tsawo. Matakai biyar suna ba da kwatanci goma idan aka haɗa su bibbiyu. LSD tana yarda da haɗarin kashi 5 cikin ɗari a kowane kwatanci shi kaɗai, to in ka yi goma, yiwuwar ka ga bambancin ƙarya aƙalla sau ɗaya ta haura kashi biyar nesa ba kusa ba. Tukey yana riƙe kashi biyar ɗin ne a kan goman gaba ɗaya, saboda haka tazarar da yake nema ta fi girma: 4.51 daga jadawalin Tukey, sau 0.2 wanda shi ne tushen MSE a raba da r, wato 0.90.

Da wannan ma'auni, 0.7 da ke tsakanin 120 da 60 bai isa ba, sai suka haɗu a kan a. Haka 0.8 da ke tsakanin 60 da 30. Har ma kilo 30 da kilo 0, masu tazarar 0.9, sun tsaya a bakin layi ne, ƙiris ya hana a raba su.

Akwai na uku da ya yi yawa a rubuce-rubucen ɗalibanmu, wato DMRT, wanda Duncan ya wallafa a 1955. Shi ma'auninsa yana ɗan ƙaruwa ne gwargwadon nisan lambobi biyu a jeri. A wannan gwaji yana farawa daga 0.62 ya kai wajen 0.67, saboda haka haruffansa za su fito irin na LSD. Kariyarsa daga bambancin ƙarya ba ta kai ta Tukey ba.

Wanne ne daidai? Kowanne daidai ne a kan tambayarsa. In tun kafin shuka an tsai da kwatanci biyu ko uku da za a yi, kuma F ya nuna akwai bambanci, LSD ta isa. In iri goma sha biyu aka jera ana neman zakara, Tukey ya fi aminci. Abin da ba ya halatta shi ne a gwada ukun duka a ɗauki wanda haruffansa suka fi daɗin gani. Rahoton da bai faɗi gwajin da ya yi amfani da shi a ƙasan jadawali ba, a tambayi mai shi.

Wani malami ya ce haruffa ma ba su dace da irin wannan gwaji ba. Gaskiya ne?

Yana da gaskiya, kuma ina tare da shi. Haruffa an yi su ne don abubuwan da ba su da jeri, kamar kashin shanu da kashin kaji da kamfa, ko irin masara daban-daban. Kilo 0, 30, 60, 90 da 120 kuwa abu ɗaya ne ake ƙarawa mataki-mataki. Dubi ƙarin da kowane mataki ya kawo: 0.9, sai 0.8, sai 0.5, sai 0.2. Amfanin yana hawa, hawan yana raguwa, yana neman kwanciya a wajen kilo 120. Wannan siffa ita ce sakamakon gwajin, kuma fuloti ashirin ɗin gaba ɗaya ne suka ba da shaidarta, ba takwas-takwas ba kamar yadda kwatancin bibbiyu ke yi. Shi ya sa ƙarin 60 zuwa 90 ya fi abin yarda idan aka dube shi cikin jerin, fiye da yadda harafin b ya nuna.

Rahoto mai kyau zai zana lanƙwasar amfani a kan yawan taki, ya ba da lissafinta, ya nuna inda ƙarin taki ya daina biyan kuɗinsa. Sai dai kada a ja zanen ya wuce kilo 120, domin ba a gwada can ba.

An rubuta CV = 13.2% a ƙasan jadawali. Yana da kyau ko babu?

CV yana nuna girman ragowar bambanci ne idan aka kwatanta shi da matsakaicin amfani, da kashi cikin ɗari. Tushen 0.160 shi ne 0.4. Matsakaicin fuloti ashirin 3.04 ne. Raba 0.4 da 3.04, sau ɗari, ya ba da 13.2. Ga amfanin masara a gonar damina wannan ba laifi. Amma CV yana da wayo: in aka yi fari, matsakaicin ya faɗo tan 1.5, ragowar bambancin ba ta canja ba, CV zai tashi kusan 27 ba tare da an yi sakaci a aikin ba. Haka kuma CV da ya yi ƙasa ainun, kamar 2 ko 3 a amfanin gona, ya fi jawo zargi fiye da yabo.

Bulok bai kai matsayin bambanci ba, P ɗinsa 0.073. A cire shi?

Kada a cire. Da bulok aka shuka gonar, da bulok za a yi lissafin. Ga abin da zai faru in an cire: 1.440 ɗinsa zai koma cikin Residuals, ya zama 3.360 a Df 15, MSE ya tashi zuwa 0.224, LSD ta koma 0.71. Nan take 0.7 da ya raba 120 da 60 ya gaza, haruffa su canja, alhali ko ƙwayar masara ɗaya ba ta motsa ba. Bulok ɗin ya kwashe wani ɓangare na bambancin tudu da gangare, aikinsa ke nan, ba a sa shi don a yi masa hukunci ba.

Waɗanne kurakurai ne ake iya kamawa daga jadawalin kawai, ba tare da an je gonar ba?

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, yana fitowa a awon tsayin shuka ko faɗin ganye. An auna shuka biyar a kowane fuloti, aka shigar da ɗari ɗin kwamfuta kamar kowace shuka maimaici ce mai zaman kanta. Sai ka ga Df na Residuals ya zama 92 a gwajin fuloti ashirin. Fuloti aka ba taki, ba shuka ɗaya-ɗaya ba, saboda haka matsakaicin fuloti ya kamata a shigar, Df ya dawo 12. In ba haka ba LSD kan ƙanƙance fiye da gaskiya, kowane mataki ya samu harafinsa, jadawali ya yi kyan gani na banza.

Na biyu na masu amfani da manhajar R ne. In aka bar yawan takin a matsayin lamba, Df ɗin naitirojin zai fito 1 maimakon 4, domin manhajar ta ja miƙaƙƙen layi ne kawai. Haka ma bulok in da lambobi aka rubuta shi. Gyaransa:

```
m <- aov(yield ~ factor(block) + factor(N), data = d)
summary(m)
```

Na uku, haruffa daban-daban a ƙarƙashin F da bai nuna bambanci ba. In rahoto ya sa NS, alamar cewa F bai nuna bambanci ba, a jadawalin farko, sannan ya zo ya raba lambobin da LSD a na biyu, a yi watsi da haruffan.

Akwai kuma ƙidaya irin ta ƙuduji a fuloti, inda wani ke da sifili wani ke da ɗari biyu. Irin wannan ba ta cika sharaɗin cewa warwatsuwar lambobi ta zama kusan ɗaya a kowane mataki ba, don haka a duba ko an sauya lambobin da tushe ko logaridim kafin lissafi.

In an yi gwajin a wuri biyu, a ce Dadin Kowa da wata gona a Bauchi, ko da irin masara biyu?

To za a samu ƙarin layi, kamar Nitrogen x Location ko Nitrogen x Variety, kuma shi ake fara karantawa. In P ɗinsa ƙarami ne, ma'ana takin bai yi aiki iri ɗaya a wuraren biyu ba, wataƙila a ɗaya amfanin ya kwanta tun daga kilo 60, a ɗayan yana ta hawa har 120. A irin wannan hali matsakaicin da ya haɗa wuraren biyu ba na kowa ba ne, sai a nemi jadawalin kowane wuri shi kaɗai. In layin bai nuna komai ba, a iya karanta haɗaɗɗen.

Za mu maimaita gwajin baɗi. Bulok nawa za mu yi don a raba 90 da 60?

Ninka maimaici ba ya raba LSD biyu. Da bulok takwas, in MSE ya tsaya a 0.160, Df na Residuals zai zama 28, t ya zama 2.048, LSD ta sauko 0.41. Bambancin 0.5 ya haura wannan, amma ba da rata mai yawa ba, don haka ko da shi ne na gaskiya, akwai shekarar da za a sake rasa shi. Fuloti arba'in kuma aiki ne, ga shuka, ga noma, ga girbi da awo.

Hanya mafi araha ita ce a rage 0.160 ɗin kansa. A shimfiɗa kowane bulok a kan ƙasa mai kama ɗaya, ya bi tsayin gangare ɗaya maimakon ya sauka daga tudu zuwa kwari. A bar kunyoyin gefe, a girbe na tsakiya kawai, domin saiwar gefe tana satar takin maƙwabci. A cike gurbin da bai tsiro ba da wuri, a ƙirga shukar da aka girbe a kowane fuloti, a kuma auna danshin ƙwaya a mayar da duk fuloti kan danshi ɗaya kafin a juya nauyin zuwa tan a hekta. In hannu ya kai, gara bulok huɗu a Dadin Kowa da wasu huɗu a wata gona dabam, da takwas a wuri guda, domin shi ne zai nuna ko amsar ta tsaya a gona ɗaya ko ta kai gonar manomin da za a ba shawarar.